Wane kan saƙo za ka sa idan kana bibiyar aikin da ka nema ta imel?

An yi maka intabiyu, an ce za ka ji daga gare su, kwanaki sun shuɗe shiru. Ka zauna za ka rubuta imel na bibiya, sai ka tsaya cak a layin `Subject`, wato kan saƙo. Kafin ka zaɓi abin da za ka sa, ka tuna yadda manajan zai ga saƙon. Galibi a waya zai gan shi, tsakanin taro da taro, kuma allon waya haruffa 30 zuwa 40 na farko kawai yake nunawa kafin ya datse sauran. Ƙila mutumin yana cike gurabe uku ko huɗu a lokaci guda. Abin da yake so ya gane da kallo ɗaya shi ne wane gurbi ne, wane ne kai, kuma me kake so ya yi. Da wannan ma'auni nake auna kowane zaɓi.

Zaɓin da na fi yarda da shi shi ne kada ka ƙirƙiro sabon kai kwata-kwata. Ka nemo saƙon ƙarshe da shi manajan ko jami'in ɗaukar ma'aikata ya aiko maka, ka danna `Reply`. Kan saƙon zai zama nasa ne da `Re:` a gaba, kuma Gmail da Outlook za su jera saƙonka tare da maganar da kuka riga kuka yi. Yana buɗewa zai ga ranar intabiyu, takardunka, da alƙawarin da shi kansa ya yi, ba sai ya yi bincike ba. Mutum kuma yakan fi saurin buɗe kalmomin da ya san shi ya rubuta su. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka taɓa kan, domin idan ka sauya shi Gmail na iya ware saƙon ya zama sabuwar magana, amfanin ya tafi.

Wannan hanya tana da wurin da take karyewa. Kamfanoni da yawa suna tura gayyata ta manhajar ɗaukar ma'aikata, daga adireshin da ya fara da `noreply` ko `no-reply`. Amsar da ka tura can sau da yawa ba mai karanta ta, ko ta dawo maka. Don haka ka duba akwatin `To` bayan ka danna `Reply`, ka tabbata adireshin mutum ne. Akwai kuma masu rubuta `Re:` da hannunsu a kan sabon saƙo don a ɗauka tsohuwar magana ce. Ina roƙonka kada ka yi haka. Ƙila a buɗe, amma manajan zai ga babu komai a ƙasa, kuma abu na farko da zai sani game da kai shi ne ka yi masa dabara.

Idan babu tsohon saƙon da za ka hau kansa, sai zaɓi na biyu: sunan gurbin da wata alama da za ta tuna masa da kai. Bari mu bi misali ɗaya. Wata ta yi intabiyun aikin akanta ranar Talata 4 ga wata, manajan ya ce za su yanke shawara kafin Juma'a 14. Gayyatar daga `noreply` ta zo, amma adireshin manajan yana cikin gayyatar kalanda. Juma'a ta wuce, ta ba su Litinin, sai Talata 18 ta zauna rubutu. Abin da ta fara sawa shi ne:

`Barka da warhaka, ina rubuto wannan ne game da gurbin akanta`

Ladabi ne ya sa ta yi haka, amma a waya abin da zai bayyana bai wuce "Barka da warhaka, ina rubuto" ba. Kalmar da manajan yake buƙata, akanta, ta faɗa ɓangaren da aka datse. Gaisuwa wurinta cikin saƙo. Sai ta juya shi:

`Akanta, intabiyun 4 ga wata: ko an yanke shawara?`

Haruffa 30 na farko sun ɗauke gurbin da ranar, tambayar kuma irin wadda ake amsawa da layi ɗaya ce a tsaye. Ba ta sa sunanta ba saboda yana fitowa a matsayin mai aikowa, amma wannan sai idan sunan da ke kan akwatin imel ɗinta shi ne na kan takardunta. Wanda akwatinsa ke ɗauke da laƙabi ya gyara wannan tun kafin ya damu da kan saƙo. Idan tallar aikin tana da lambar gurbi, a sa ta kusa da sunan gurbin, domin a manyan ma'aikatu da lambar ake nemo fayil. Da wane harshe kuma? Da wanda suka rubuto maka, tsarin dai bai canzawa.

Zaɓi na uku shi ne kai mai ɗauke da wa'adi. Shi ya fi kowanne jawo amsa da sauri, shi kuma ya fi tsada idan aka yi kuskure. A misalinmu, a ce wani wurin ya ba ta aiki ya ce ta amsa zuwa Alhamis 27. Nan ya dace ta buɗe sabon saƙo, domin labarin sabo ne, kuma idan ta bar shi a ƙarƙashin tsohon kai manajan zai ɗauka tuni ne kawai ya ajiye sai ya samu sarari:

`Akanta: an ba ni wani aikin, zan amsa ranar 27`

Manajan da yake son ta yanzu yana da abin da zai nuna wa na sama da shi don a gaggauta. Wanda ba ya so kuma zai sallame ta, ta huta da jira. Amma dole tayin ya zama na gaske, kuma ta shirya jin "to, Allah ya ba da sa'a". Wanda ya ƙirƙiro wa'adi don ya tsorata su yana iya rasa aikin da da ya yi haƙuri zai samu.

Sunan wanda ya haɗa ku, kamar `Ta hannun` sannan sunansa da gurbin, yana aiki sosai idan manajan ya san shi kuma ka nemi izininsa tukuna, don za a iya tambayarsa.

Waɗanda ba na ba da shawarar a kusance su guda biyu ne. Akwai `Bibiya` ko `Tuni` tsurarsu, da ba su faɗi gurbi ba balle mutum. Akwai kuma `GAGGAWA!!!` da manyan haruffa, wanda ya yi kama da saƙonnin talla da na damfara, har matatar `Spam` tana iya yi masa kallon haka. Gaggawar taka ce, manajan bai ga dalilinta a kan saƙon ba.

Bayan ka zaɓi kai, ka lura da jimlar farko ta saƙon, domin wayoyi suna nuna ta a ƙarƙashin kan tun ba a buɗe ba. Ka gajarta gaisuwa yadda tambayarka za ta leƙo a wurin. Sannan ka tura wa kanka saƙon, ka duba shi a wayarka ka ga inda aka datse. Idan amsa ba ta zo ba bayan mako guda, ka danna `Reply` a kan naka saƙon ka sake tambaya sau ɗaya, ba tare da sauya kan ba, don ya ga duka biyun a wuri ɗaya.