Ina za a kai 'yar shekara 15 ranar bazde ɗinta?

'Yar yayata ta cika 15 a hutun da ya wuce, tana SS1, ni aka ɗora wa shirya mata ɗan fita tunda uwarta irin masu alkunyar 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kira balle ta zauna su yi shawara. Na san akwai gidajen da ba sa bazde sam, wannan ra'ayinsu ne, maganata da waɗanda suka riga suka yanke za su yi ne.

Abin da na fara dubawa a kowane waje shi ne ni babba ina zan zauna. Yarinya a wannan shekarun tana so ta yi hira da ƙawayenta ba kunnen manya, ke kuma ba za ki saki 'ya'yan mutane a gari ba, toh wajen da ya dace shi ne inda idonki zai kai kansu amma kunnenki ba zai kai ba.

Gida ya fi arha, amma nan ne sirri ya fi ƙaranci. Ƙanne na leƙe, maƙwabta na shigowa, kafin ki ankara taron mutum biyar ya zama ashirin. Sai dai in akwai falon da za a bar musu su rufe ƙofa.

Gidan Zoo na Audu Bako da ke Kano akwai fili da inuwa, kuɗin shiga ba ya da nauyi, amma da na ambata mata sai ta ce "Anti ai nan yara ake kaiwa da sallah", kuma gaskiyarta, ya fi dacewa da 'yan firamare. Ado Bayero Mall da ke kan titin Zoo Road ɗin dai shi 'yanmata suka fi so saboda hoto da zagaye, matsalarsa faɗi da yawan jama'a musamman Asabar da Lahadi, ko dai ki bi su a baya kamar 'yar rakiya su takura, ko ki sake su ki rasa inda suke. In nan kika zaɓa ki sa musu wajen haɗuwa guda ɗaya da lokaci, kuma ki tabbata waya biyu a cikinsu na da caji da kati. Wuraren shaƙatawa na su Minjibir da Tiga kuwa ban ma sa su a lissafi ba, tafiya ce ta wajen gari, da wuya iyayen ƙawaye su yarda.

Mu ƙaramin wajen shawarma da askirim muka ɗauka, mai ƙofa ɗaya da teburori kamar goma. Na je kwana biyu kafin ranar na tambaya ko suna bari a shigo da kek daga waje, don wasu ba sa bari wasu kuma sai an biya, na duba bayi da wajen sallah, na ɗauki hoton takardar farashi. Ita ta zaɓi ƙawaye huɗu da kanta, ban ƙara mata ko 'yar ƙawata ɗaya ba duk da an roƙe ni, na kira iyayen kowacce na faɗa musu waje da lokacin dawowa. Mun fita bayan la'asar wajen 4:30, kafin magariba kowa na gidansu. Na lissafa shawarma da lemo da askirim na mutum biyar na ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai, na damƙa mata kuɗin a hannu na ce ita za ta yi oda ita za ta biya. Wallahi yadda ta gyara mayafi ta je kanta ɗin nan ya fi kek ɗin faranta mata rai. Ni kuma na koma teburin bakin ƙofa da shayina, tebur uku tsakaninmu, ina ganinsu suna ƙyaƙyata dariya ban san me ake cewa ba, a mota ma ban tambaya ba.

Inda na yi kuskure hoto ne. Na ɗauke ta tana yanka kek na ɗora a status ban tambaye ta ba, kafin mu isa gida dangi sun fara tsokanar "an zama 'yanmata, saura miji", sai na ga ta yi shiru ta kifa wayarta a cinya, a nan na gane. Na goge na ba ta haƙuri. Ki nuna mata hoton tukuna ta zaɓi wanda za a ɗora in ma tana so, na ƙawayenta kuma kada ki ɗora sam sai da yardarsu da ta iyayensu. Haka nan in ma'aikatan wajen suka ce za su zo su rera mata waƙa a gaban mutane, je ki tambaye ta a kunne kafin ki ce musu toh, tamu cewa ta yi a bari.