Inshorar asibiti tana bin rasit, ta manyan cututtuka tana bin rubutun likita

'Yan'uwa na gida, tun da labarin wani bawan Allah direban babbar mota ya bazu tsakanin mutanenmu a nan Birtaniya ake ta tambaya, ta yaya mutum zai yi shekara da shekaru yana biyan inshora har iri biyu, ciwo ya raba shi da aikinsa, sannan kamfani ya rubuto masa cewa ba ya bin sa ko kwabo? Wasu sun ce zalunci ne, wasu sun ce wariyar launin fata ce. Wanda ya san takardun nan ya san abin da ya faru yana rubuce a cikinsu tun ranar da mutumin ya sa hannu.

Wata safiya ce bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, magana ta sarƙe. Aka kira motar asibiti. Kafin azahar komai ya koma daidai, hoton ƙwaƙwalwa kuma bai nuna wani wuri da ya mutu ba. Likita ya rubuta haruffa uku a takardar sallama, TIA, wato jini ya tsaya na ɗan lokaci a wani sashe na ƙwaƙwalwa sannan ya wuce. Aka yi masa barka. Sai dai dokar tuƙi a ƙasar nan ta ce direban babbar mota ko bas da ya yi wannan, ko ya yi cikakkiyar shanyewar ɓarin jiki, zai ajiye tuƙi na aƙalla shekara guda. Mai ƙaramar mota wata ɗaya ne kawai. Ga mutum yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci da hannunsa, amma hanyar abincinsa ta toshe na wata 12. Ma'aikaci yana samun ɗan kuɗin jinya da doka ta ɗora wa mai aiki, wanda ba ya wuce mako 28 kuma bai kai albashi ko kusa ba. Mai aikin kansa ko wannan ba ya samu.

Takardar direban ta farko inshorar asibiti ce ta masu zaman kansu. Irin wannan tana biyan kuɗin magani ne kaɗai, kuma iya abin da aka kashe. Tsarinta shi ne likitan unguwa ya tura ka wurin babban likita, ka kira kamfanin kafin ka je, su ba ka lambar amincewa, sannan asibiti ya aika musu lissafi kai tsaye, ko ka biya ka kai rasit a mayar maka. Wanda ya tsallake wayar nan ya je aka yi masa aiki, sau da yawa shi zai biya da aljihunsa. Larurar gaggawa kuwa ba ta shiga ciki, asibitin gwamnati na NHS ne ke karɓar ta, kuma kyauta ga mazaunin ƙasa. Don haka a ranar da abin ya same shi ba a samu wani rasit da za a kai ba.

Ko da an samu rasit, ba dukan kuɗin ke dawowa ba. Mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙi. A ce takardar mutum ta ce shi zai fara biyan fam 250 na farko a kowace shekara, kuma abin da kamfani ke lissafawa na ganin likita da gashin ƙashi ba tare da kwanciya ba ba ya wuce fam 1,000. Ya ga babban likita a kan fam 250, alhali jadawalin kamfanin fam 200 ya yanka wa irin wannan ganin. Ya yi gashi sau 20 a kan fam 60, wato fam 1,200. Ya kashe fam 1,450. Kamfani zai amince da 1,400, ya datse shi zuwa 1,000, ya cire 250 nasa, ya biya 750. Saura fam 700 suna wuyansa. Kuɗin haya, kuɗin wuta, bashin gida, abin da yake aika wa iyaye duk wata, babu ɗaya da ya shafi wannan takarda. Ciwon da ake zama da shi kuwa, irin hawan jini da suga, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar kulawarsa ta yau da kullum, sun fi son ciwon da za a yi magani a warke.

Takarda ta biyu, inshorar manyan cututtuka, ita ce ya sa wa rai, kuma da hujjarsa. Wani likitan zuciya ɗan Afirka ta Kudu, Marius Barnard, shi ya kawo tunanin ta, aka fara sayar da ita a can a 1983, bayan ya ga marasa lafiyar da ya yi wa aiki suna rayuwa amma talauci na kayar da su. Cututtuka huɗu ta fara da su: bugun zuciya, kansa, shanyewar ɓarin jiki, da tiyatar jijiyoyin zuciya. Yau jerin yakan kai gomomi, amma ƙa'idar ba ta canza ba. Tun ranar sa hannu ake yanka adadi, a ce fam 60,000. Idan babban likita ya tabbatar da ɗaya daga cikin cututtukan jerin, kuma mutum ya rayu kwanakin da takardar ta gindaya, galibi 10 zuwa 14 a nan, sai a zuba masa kuɗin a dunƙule cikin asusunsa. Ba a tambayar rasit. Ko maganin bai ci masa sisi ba, kuɗin nasa ne, ya biya bashin gida, ya gyara banɗaki don keken guragu, ko matarsa ta ajiye aiki ta yi jinya. Idan da kansa ya sayi inshorar, ba a cire haraji a kai. Wallahi wannan tsari abin sha'awa ne ga duk wanda ya taɓa ganin yadda jinya ke cinye gida gaba ɗaya, 'yan'uwa suna zagaya dangi ana harhaɗa abin da ba zai kai wata biyu ba. Sai dai a can gida aƙalla ana cika ɗakin mara lafiya da masu dubiya. A nan kuɗi na iya shigowa asusu, amma ƙofa ta wuni ba wanda ya ƙwanƙwasa.

To me ya hana direban? Ma'anar cutar da aka rubuta. Kowace cuta a jerin tana da sakin layi da ke faɗin matakin da sai ta kai. A shanyewar ɓarin jiki, ana so a nuna cewa wani sashe na ƙwaƙwalwa ya mutu saboda tsayawar jini ko zubarsa. Takardu masu tsauri suna ƙarawa da cewa sai ta bar nakasa ta dindindin. Masu sassauci suna karɓa idan alamun sun kai sa'a 24 kuma hoto ya nuna ɓarnar. Dukansu kuma suna ambaton TIA da sunanta a cikin abin da ba a biya. Nasa ya warware cikin sa'o'i kaɗan, hoto ya fito fes. Da hannun ya kwana a sake, hoto ya nuna tabo, a takarda mai sassauci da ya karɓi fam 60,000 ɗin cif, ko da ya warke sarai bayan wata biyu. Shekarar da zai yi ba tuƙi iri ɗaya ce a duka biyun, amma takardar ba ta auna rashin aiki ba, abin da likita ya rubuta take aunawa. Mai bin rashin aiki takarda ce ta uku, inshorar kare albashi, wadda ke biyan wani kaso na albashi duk wata idan ciwo ya hana mutum sana'arsa. Ita ce ta dace da direba, kuma ita ce ba shi da ita.

Haka sauran cututtukan suke. Kansar da ba ta fara ratsa naman da ke kewaye da ita ba, da yawancin kansar fata, ba sa kawo cikakken kuɗi, wasu kamfanoni dai sukan ba da wani kaso, misali rubu'i. Ciwon ƙirji na ƙarancin jini a zuciya ba bugun zuciya ba ne a wurinsu sai gwajin jini ya nuna naman zuciya ya lalace. Kuma da an biya cikakken adadin takardar ta ƙare, ba kamar ta asibiti da ake sabuntawa duk shekara ba. Idan wa'adinta ya cika lafiya lau, ba a mayar da ko fam ɗaya, domin ba ajiya ba ce.

Akwai wani rami da mutanenmu suka fi faɗawa, kuma halinmu ne ke jefa mu. Mun saba a tambaye mu lafiya mu ce lafiya lau, ko da ƙwayar hawan jini na cikin aljihu, kuma mun saba sa hannu a takarda kafin mu karanta. Fom ɗin inshora ba gaisuwa ba ne. Ranar da aka nemi kuɗi, kamfani zai nemi bayanan mutum daga likitansa da izininsa, ya ɗora su a kan amsoshin da ya bayar. Dokar ƙasar nan ta 2012 ta raba abin biyu. Idan sakaci ne, ana duba abin da kamfanin zai yi da ya san gaskiya. A ce mutum yana biyan fam 40 a wata, alhali da ya ambaci hawan jininsa fam 60 za a yanka masa, to kashi biyu cikin uku za a ba shi, fam 40,000 maimakon 60,000. Idan kuwa da gangan ya ɓoye, kamar mai shan taba da ya rubuta ba ya sha, ana iya soke takardar gaba ɗaya, a riƙe kuɗin da ya biya. Abin takaicin shi ne ɓoyewar ba sai ta shafi cutar da ta same shi ba.

Masu yawan zuwa gida su duba wani layi da dillalai ba sa cika ambata. Wasu takardun suna lissafa ƙasashen da ake karɓar tabbacin likitocinsu. Wanda ciwo ya kama yana hutu a wata ƙasa da ba ta cikin jerin zai iya buƙatar babban likita a nan ya sake tabbatarwa, kuma hakan na da wuya idan an dawo ba hoton ƙwaƙwalwa, ba sakamakon gwaji mai kwanan wata, sai ƙaramin kati da sunan magani. A karɓo hoton kansa da rahoton wanda ya karanta shi, da takardar da ta nuna lokacin da alamun suka fara da lokacin da suka ɗauke.

Wanda aka hana kuma yana ganin rahoton likitansa ya cika ma'anar da aka rubuta, ya shigar da ƙorafi a rubuce ga kamfanin. Suna da mako 8 su ba da amsa ta ƙarshe, daga nan yana da wata 6 ya kai maganar ofishin sasanta ƙorafin harkokin kuɗi, kuma kyauta ne. Kafin nan ya kai wa babban likitansa ainihin sakin layin da ke cikin takardar, ya roƙe shi ya amsa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, domin wasiƙar da ta ce mara lafiya ya sha wahala ba ta motsa mai duba fayil. Shi dai direban, an duba nasa an ga ba inda za a kama, yanzu yana aikin lissafin kaya a sito kafin shekarar ta cika a sake duba lasinsa.