Hoto ya kai ni ga masu sari, amma bai faɗa mini nauyin filas ɗin ba

Shagona yana kusa da Taminus a Jos, kuma duk wanda ya san garin nan ya san cewa daga Nuwamba zuwa Janairu babu abin da ke tafiya kamar filas ɗin shayi. A watan Agustan bara wata mai saye ta nuna mini hoto a wayarta, na wani siririn filas mai cin rabin lita, wanda murfinsa ke nuna zafin ruwan da lamba idan an taɓa shi. Babu sunan kamfani a jikinsa, ita ma ba ta san inda ake sayarwa ba. Na karɓi hoton na tura wa wani wakilin saye, ɗan Arewa mazaunin Guangzhou a China, wanda abokan kasuwa suka daɗe suna yaba mini aikinsa. A kan hidimarsa nake wannan sharhi.

Farkon aikin ya burge ni ƙwarai. Ni da kaina na gwada Google Lens, manhajar da ke neman abu ta hanyar hotonsa, amma masu sayar da ɗaiɗai kawai ya fito mini da su. Shi kuwa ya yanke hoton ya bar filas ɗin kaɗai, ya cire hannun matar da teburin da ke baya, sannan ya sa shi a wurin binciken hoto na 1688, shafin sarin da 'yan China ke amfani da shi a cikin gida, wanda rubutunsa da Sinanci ne, ciniki kuma da yuwan, kuɗin China. Kafin la'asar ya turo mini masu sayarwa goma sha ɗaya, galibinsu daga Yongkang a lardin Zhejiang, garin da ya yi suna wajen ƙera irin waɗannan kaya. Ya kuma bayyana mini cewa `MOQ` da nake gani shi ne mafi ƙarancin adadin da mai kaya zai yarda ya sayar, kuma farashin da aka rubuta na ƙofar masana'anta ne, babu dako a cikinsa. Ranar na gaya wa maƙwabcina cewa na samu mutum.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, dukansu goma sha ɗayan hoto ɗaya suka sa, alhali tsakanin mafi araha da mafi tsada akwai kusan ninki biyu. Binciken hoto siffa yake kamawa, wato launi da tsayi da fasalin murfi, ba ya ganin kaurin ƙarfe ko abin da ke tsakanin bangon ciki da na waje. Na tambayi wakilin dalilin bambancin kuɗin, sai ya ce, "Alhaji, ai duk abu ɗaya ne, wasu dillalai ne kawai suke ɗora ribarsu." Na yarda da shi, domin maganar tana da kamar gaskiya.

Na nemi samfur, aka aiko mini guda biyu ta jirgin sama, da ƙarin kuɗi saboda batirin da ke cikin murfin. Na zuba tafasasshen ruwa bayan sallar asuba, da azahar yana nan da zafin da za a haɗa shayi. Nan take na biya kafin alƙalami na guda 300, katan shida, kowane katan guda 50, aka ɗora su a jirgin ruwa. Sai tsakiyar Nuwamba suka iso Jos daga Legas.

Mako guda bai cika ba wani dattijo mai gadi, wanda ya saya don ya riƙa kurɓar shayi a sanyin dare, ya dawo da nasa. Ya ce, "Ɗana, wannan abu hannuna yake ɗumamawa, shayin kuwa kafin ƙarfe biyu ya huce." Kunyar da na ji ta fi asarar ciwo, domin ni na ba shi tabbaci da bakina. Da dare na rufe shago, ni da yarona muka dafa ruwa muka fara gwaji. Gwajin ba shi da wuya: a zuba tafasasshen ruwa, a rufe, a jira minti biyar, a taɓa tsakiyar jikin. Filas na ƙwarai bango biyu gare shi, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, shi ya sa zafi ba ya ratsawa, jikin ya zauna da sanyinsa. Idan jikin ya ɗau zafi, to iska ta shiga, ko kuma tun farko ba a zuƙe ta ba. Cikin kwana uku muka gama, muka ware guda 41 da suka faɗi. Da na ɗora su a sikeli kuma, samfur ya ba ni giram 260, kayan katan giram 215. Ashe samfurin daga mai sayarwa ɗaya ya fito, kayan kuma daga wani mai rahusa.

Daga nan ra'ayina a kan wakilin ya sauya. Da na kira shi ya ce hoton da na turo shi ya saya mini, kuma ban taɓa cewa dole a saya a wurin mai samfurin ba. Maganarsa gaskiya ce a zahiri, amma mutumin da ake biyansa kamasho don ya zama idon mai kaya bai kamata ya ɓuya a bayan hoto ba. Ya san ya canza mai sayarwa, ya yi shiru, kuma kayan sun kwana a sitonsa ba tare da ya buɗe katan ko ɗaya ba.

Nawa laifin shi ne tambayoyin da ban yi ba. Ta farko ita ce nauyin guda ɗaya da giram, a rubuce, domin nauyi shi ke tona asirin ƙarfen da aka rage wa kauri. Sai irin ƙarfen. Silbar da ake kira 304 tana da sinadarin nikel da yawa, tana jure tsatsa, ita kuwa 201 nikel ɗinta kaɗan ne, ta fi araha, ta fi saurin yin tabo. An saba yin ciki da 304 waje da 201, kuma hakan ba aibu ba ne, amma dole mai sayarwa ya faɗi wanne ne a cikin, inda shayi ke zama. Hatimin 304 da ake bugawa a gindin filas bai isa hujja ba, nawa ma duk suna da shi. Da na tambayi ko mai kayan masana'anta ce ko dillali, na nemi bidiyon kayan da ke ƙasa maimakon hoton talla, da wataƙila na gane tun da wuri. Tambayar da ta fi ci mini rai kuwa ita ce wa zai ɗauki asarar waɗanda suka lalace, domin bayan kaya sun ƙetare teku babu mai mayar da filas 41 China, kuɗin dakon ya fi kuɗinsu.

Ba zan ce kada a yi aiki da shi ba, domin a wajen nemo masu sari daga hoto ban ga wanda ya kai shi sauri ba, kuma bayan mako biyu ana ja-in-ja ya yarda ya cire rabin kamashonsa. Sai dai wannan bai rufe ko kuɗin dakon waɗanda suka lalace ba. Ga murfin ma, batirinsa a like yake, ba a canzawa, abin da shi ma bai faɗa mini ba sai da masu saye suka fara tambaya. Oda ta biyu na yi ta kafin masana'antu su rufe don hutun sabuwar shekarar China, na rubuta masa sunan mai sayarwa, da giram 260, da 304 a ciki, da sharaɗin ya buɗe katan ya gwada goma da ruwan zafi a gaban kyamara kafin in cika kuɗi. Ya yi gunaguni cewa aikin ya yi yawa, amma ya yi. Guda 41 ɗin suna nan a bayan shago, ina sayar da su rabin kuɗi a matsayin gorar ruwan sanyi, dattijon kuma na ba shi ɗaya daga cikin samfuran nan biyu.