Danna maɓallan kwamfuta da murya: wace manhaja za ka ɗauka a Zariya?

Wanda ciwon wuyan hannu ko karaya ko shanyewar ɓarin jiki ya hana shi taɓa kibod, abin da yake nema shi ne ya faɗi kalma, kwamfuta ta danna masa `Ctrl+S`. Kafin ka fitar da ko sisi, fara duba wace Windows ce a kan na'urarka, domin ita za ta raba gardama.

Idan Windows 11 ce, daga sigar 22H2 zuwa sama, akwai Voice Access a cikinta kyauta. Sau ɗaya za ka kashe data wajen sauke fayil ɗin gane magana, daga nan tana aiki ba intanet. Ka ce `press control s`, ta adana maka aiki. Ga ɗalibin da ke rubuta furojet a Samaru, wannan ta wadatar, kuma ita nake fara nuna wa kowa. Sai dai yawancin tsofaffin laftof na hannu da ake sayarwa a Sabon Gari da PZ ba sa ɗaukar Windows 11 ta hanyar da ta dace, domin tana bukatar TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da ke cikin kwamfutar, kuma in furosesar Intel ce, sai ƙarni na 8 ko sama. In yanzu za ka saya, ka tambayi mai shago wannan tun kafin a shiga ciniki.

Mai Windows 10 yana da zaɓi biyu. VoiceAttack ta fi sauƙin saitawa: ka rubuta kalmar da za ka faɗa, ka zaɓi maɓallin, shi ke nan. Ta kyauta tana tsayawa a umarni 20, cikakkiyar kuma da dala ake biya. Rauninta shi ne ta dogara da injin gane magana na Windows, wanda sai ka zauna ka horar da shi da muryarka kafin ya saba da lafazinmu.

Talon kuwa kyauta ce, tana da nata injin gane magana wanda sai an sauke shi sau ɗaya, daga nan ba ya bukatar intanet, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ga wanda zai rabu da kibod gaba ɗaya, ita na fi yarda da ita. Amma tana zuwa ne fayau, ba umarni a cikinta, sai an rubuta mata, don haka ranar farko ka nemi ɗan'uwa ya zauna kusa da kai ya yi maka bugun. A cikin `%APPDATA%\talon\user` za a buɗe fayil mai suna `aiki.talon`, a sa wannan:

```
os: windows
-
save my work: key(ctrl-s)
take it back: key(ctrl-z)
next window: key(alt-tab)
```

Da an adana fayil ɗin, umarnin sun fara aiki, ba sai an sake kunna komai ba. Ka lura kowane umarni kalma biyu ne ko uku. Kalma guda tana saurin tashi da kanta idan wani ya yi magana a ɗakin. Na kuma kauce wa kalmomin da suka fara da p ko f, domin a bakin Bahaushe sukan haɗe, sai injin ya ji wani abu dabam. Duk waɗannan injunan ba sa jin Hausa, dole da Turanci za ka ba su umarni.

Dragon Professional gwana ce wajen shifta mai tsawo, amma kuɗinta ɗaruruwan daloli ne. Don danna maɓalli kawai, ban ga dalilin sayenta ba.

Inda kuɗinka ya kamata ya tafi shi ne makirufo. Wanda ke jikin laftof yana kwashe ƙarar fanka da janareton maƙwabci tare da muryarka. Ka nemi na sawa a kai mai USB, wanda bakinsa ke tsayawa a gefen leɓe, ba gaban baki ba, don kada numfashi ya riƙa bugunsa. Na Bluetooth mai arha yakan yanke farkon kalma. Ka je shago da laftof ɗinka, ka naɗi muryarka fanka na juyawa, ka saurara kafin ka biya.

Idan ka yi magana ba abin da ya faru, kada ka yi saurin canza manhaja. Dubi abin da ta rubuta cewa ta ji. In ba abin da ka faɗa ba ne, matsalar makirufo ce ko lafazi, sai ka sauya kalmar. In kuwa ta ji daidai amma maɓallin bai danna ba, galibi shirin da kake ciki an buɗe shi ne da `Run as administrator`, kuma Windows ba ta barin manhajar da ba ta da wannan izini ta aika masa maɓalli. Sai ka buɗe manhajar muryar da irin izinin. Wasu shirye-shiryen, musamman wasanni, ba sa ganin dannawar da ta yi sauri da yawa. A VoiceAttack akwai gurbin ƙara tsawon lokacin riƙe maɓalli, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kama.