Manhajar da ke mayar da hoton rasit zuwa Excel: tana aiki, amma sai da sa ido

Ni ke riƙe da lissafin shagonmu na kayan wuta, kuma dilolinmu har yau takarda suke ba mu, wani ya yi sikanin ya turo ta WhatsApp, wani ma hoto kawai zai ɗauka. Shi ya sa na koma amfani da wata manhajar waya da ke karanta hoton rasit ta jera shi a tebur, irin aikin da `Data from Picture` na Excel ke yi. Ra'ayina dai tana rage wahalar taifin sosai, amma duk lambar da ta fitar ban yarda da ita ba sai lissafi ya tabbatar min.

Ga misalin wani rasit mai layi 14. A ƙasa dila ya rubuta kuɗin kaya 912,600, harajin VAT na kashi 7.5 ya kama 68,445, jimilla 981,045. Manhajar ta raba abin gida huɗu yadda ya kamata, sunan kaya a A, yawa a B, farashin ɗaya a C, kuɗin layi a D, kuma a ido komai tsaf. Da na sa `=SUM(D2:D15)` sai ya ba ni 847,800, wato 64,800 sun yi ɓatan dabo. In giɓin ya zo haka abu na farko shi ne ka duba ko akwai layin da kuɗinsa ya yi daidai da giɓin, kuma akwai, soket 36 a kan 1,800. Lambar tana nan a gidanta amma sifili biyu na ƙarshe an karanta su a matsayin harafin O, Excel kuwa in ya ga harafi sai ya ɗauki lambar duka a matsayin rubutu, `SUM` ya tsallake shi shiru ba tare da ya ce maka komai ba. Alamarsa ita ce lambar ta maƙale a hagu alhali sauran suna dama. Alamar naira ma takan jawo haka, ta koma N ta manne a gaban kuɗin. Yanzu kafin komai sai na buga `=COUNT(D2:D15)`, lambobi zalla yake ƙirgawa, in rasit layi 14 ne ya ce 13 to na san akwai wanda ya zama rubutu.

Na gyara, jimillar kuɗin kaya ta koma 912,600 cif, na ninka da 0.075 harajin ma ya fito daidai. To a nan ne nake so masu shago su kula, don jimilla ta yi daidai ba yana nufin teburin ya yi daidai ba. `SUM` gidan D kaɗai yake kallo, ba ruwansa da yawa ko farashi, su kuwa su ne muke ɗora riba a kai. Sai na ƙara gida na biyar na ja wannan har ƙasa:

```
=ROUND(B2*C2-D2,2)
```

Kowane layi sifili ya kamata ya nuna. Duka sun nuna sai layin wayar wuta, shi ya nuna -40,000. Naɗi 8 ne, kuɗin layi 308,000, na raba 40,000 gida 8 ya ba ni 5,000, ka ga kenan farashin ɗaya ne ya ragu da 5,000. Na buɗe hoton na ƙara girmansa, ashe hatimin dila ne ya hau kan 38,500 ya cinye gefen 8 ɗin, manhajar ta karanta 33,500. Wallahi wannan ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba, domin da da farashin nan aka yi wa yaran shago kuɗin sayarwa, ko an ɗora 4,000 a matsayin riba faɗuwar 1,000 ake yi a kowane naɗi kuma littafi yana nuna komai lafiya.

Game da hoton kansa, rasit ɗin da aka buga da firinta mai layuka a fili tana karanta shi da kyau in ka shimfiɗa takardar ka ɗauka daga sama cikin haske ba inuwar hannu. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto yakan dushe saboda matse shi da ake yi, gara ka roƙi dila ya turo shi a matsayin fayil. In sunan kaya ya yi tsawo ya sauko layi na biyu takan raba shi biyu, sai ka haɗe da kanka. Rubutun hannu kan kwafin kabon kuwa ban ba da shawara ba, gyaransa ya fi taifin ɗinsa cin lokaci, irin waɗannan da hannu nake shigar da su sannan in bi su da gida na biyar ɗin kamar sauran.