Tace Iska a Kan 80 Hz ko 150 Hz?

Duk mai ɗaukar hira a filin Kangiwa lokacin hunturu ya san rugugin da iska ke cusawa a makirfo. Tacewar da ke zubar da sautuka masu kauri, wato High-Pass Filter a manhajar gyaran sauti ta Audacity, tana rage shi, amma a ina za a yanka?

Yanka a 80 Hz, wato ma'aunin kauri ko sirantar sauti, ba ya taɓa murya sosai, sai dai iska mai ƙarfi tana tsallakewa. A 150 Hz rugugin ya kan kwanta sosai, amma muryar namiji, wadda gindinta ke tsakanin 85 da 180 Hz, sai ta sirance kamar ta waya. Muryar mace ta fi jurewa.

Ni dai ga dattijo mai kaurin murya, 80 nake zaɓa, in haƙura da ɗan rugugi. In iska ta riga ta fasa sautin, babu tacewar da za ta gyara.