Sharhi kan Premiere Pro: abin da yake tarawa a diski, da wanda za a iya gogewa

Aikina a nan Maradi shi ne ɗaukar bidiyo da haɗa shi, mafi yawansa tafsirin watan azumi da bukukuwan aure, kuma da Adobe Premiere Pro nake yin montaj a kan kwamfuta mai diski na jiga 256. Wannan sharhi ya tsaya ne kan fayilolin da manhajar take ajiyewa da kanta yayin aiki, domin su ne suke cinye diski ba tare da mai shi ya san ya ajiye komai ba. Abin da na gani shi ne kayan gogewar da ta tanada suna aiki lafiya, sai dai a warwatse suke, kuma ba kowane fayil da ta ƙirƙira ne za ta iya sake ƙirƙira ba. Saboda haka tambayar da ake yi kafin a goge kowane abu ita ce ko manhajar za ta iya sake gina shi daga asalin bidiyon.

Na farko shi ne kash na sauti, wato fayilolin wucin gadi da manhajar take ajiyewa don saurin aiki. Idan aka shigar da bidiyon waya ko na kyamara mai matsattsen sauti irin AAC, manhajar takan warware sautin ta rubuta shi a fayil mai ƙarewa da `.cfa`, ta kuma yi ƙaramin fayil `.pek` wanda shi ne zanen igiyar sauti da ake gani a layin aiki. Lissafin girmansa ba wuya. Sauti mai samfur 48,000 a daƙiƙa, kowane samfur bayit 4, a tashoshi biyu, yana cin bayit 384,000 a daƙiƙa, wato kusan jiga 1.4 a sa'a guda. A ɗauka malam yana tafsiri na sa'a ɗaya da rabi kullum har kwana 30: sa'o'i 45 ke nan, kusan jiga 62, kwata na diskina. Abin da ke rikita mutane shi ne ko da bidiyon yana kan diskin waje, wannan kash ɗin a diskin cikin kwamfuta yake sauka, a ɓoyayyiyar folda:

```
%AppData%\Adobe\Common\Media Cache Files
```

Goge shi ba ya shafar montaj ɗin ko kaɗan. Ana shiga `Edit > Preferences > Media Cache` a danna `Delete`, sai a ga zaɓi biyu. Na farko yana goge kash ɗin da asalin bidiyonsa ya ɓace daga inda yake kaɗai, shi ya sa sau da yawa ba ya samar da wuri mai yawa. Na biyu yana share komai, amma ba ya buɗewa sai an tayar da manhajar ba tare da an buɗe wani aiki ba, kuma na sha ganin abokan sana'a sun ɗauka maɓallin ya lalace alhali aikin da ke buɗe ne ya hana shi. Hasarar da ake yi ta lokaci ce kawai, domin da an sake buɗe aikin za a ga `Conforming` a ƙasan allo ta hannun dama, kuma sautin wasu guntaye ba zai fito ba sai ya gama. Don haka ba na share shi a tsakiyar azumi, lokacin da ake jiran karatun jiya kafin la'asar kuma wuta na iya ɗaukewa. Sai bayan sallah. A wannan shafin kuma ana iya mayar da kash ɗin wani diski, ko a sa ya riƙa goge wanda ya wuce kwana 90 da kansa, kuma wannan tsari na yaba masa.

Sai dai wannan gogewa ta kai tsaye ba ta shafi fayilolin renda ba, alhali su ne suka fi nauyi. Duk lokacin da aka gyara launi ko aka ɗora rubutun aya a kan hoto, jan layi ya bayyana a saman layin aiki, aka danna `Enter` ya koma kore, to manhajar ta rubuta sabon bidiyo ne a foldar `Adobe Premiere Pro Video Previews`, wadda yawanci take kusa da fayil ɗin aikin. Idan an saita su a kan ProRes 422 LT, hoton 1080 mai firam 25 a daƙiƙa yana cin kusan jiga 38 a sa'a, wato zama ɗaya na tafsirin nan ya kai jiga 57. Rendar kwana guda ta kusa kamo kash ɗin sautin wata cur. Ana goge su ta `Sequence > Delete Render Files`, koren layi ya koma ja ko rawaya, montaj ɗin kuma yana nan yadda yake. Ni da na fitar da bidiyon ranar, na kalle shi, na miƙa wa masu shi, nake goge rendarsa, domin amfaninta ya ƙare.

Inda nake ganin ya kamata a yi hattara shi ne maƙwabtan waccan folda, saboda sunayensu sun yi kama da juna kuma a wuri guda suke zaune. Foldar `Adobe Premiere Pro Auto-Save` tana ɗauke da kwafin aikin ne, mai ƙarewa da `.prproj`, ba ta da wani nauyi, kuma ita ce ke ceton mutum idan wuta ta ɗauke fayil ya ƙi buɗewa; babu ribar goge ta muddin aikin bai ƙare ba. Muryar da aka naɗa kai tsaye a cikin manhajar, kamar gabatarwar da ake yi kafin karatu, asali ce wadda babu kwafinta a katin kyamara, kuma idan ta tafi sai dai a sake kiran mai muryar. Haka nan fayil ɗin da `Render and Replace` ya samar, duk da kalmar renda da ke cikin sunan, ya maye gurbin guntun bidiyo ne a layin aiki, kuma idan aka goge shi jan allo mai rubutun `Media Offline` zai fito. Kafin a taɓa shi sai an danna `Restore Unrendered`, wanda shi ma ba zai yi amfani ba sai asalin yana nan. Furoksi, wato ƙananan kwafin da ake yi don kwamfuta mai rauni ta iya jan hoton 4K, ana iya goge su bayan aiki, da sharaɗin an tabbatar ba su kaɗai suka rage ba, domin wanda ya riga ya share katin kyamara ya bar furoksi ya rage wa kansa ingancin hoto har abada.

Saboda haka ban yarda da binciko duk fayil mai `.mov` a goge ba, tunda renda da bidiyon kyamara suna iya ɗaukar ƙarshen suna iri ɗaya. Wanda manhajarsa take da Faransanci, kamar yawancin abokan aikinmu a nan, zai ga sunayen menu sun bambanta da waɗanda na kawo, amma `.cfa` da `.pek` da `.prproj` ba sa canzawa, kuma shafin `Scratch Disks` da ke cikin saitin aiki yana nuna inda renda da kwafin aikin da muryar da aka naɗa suke sauka. Idan na yi shakkar wata folda, nakan rufe manhajar, in sauya wa foldar suna, in sake buɗe aikin. In layi ne kawai ya koma ja, sai in goge ta. In kuwa manhajar ta tsayar da ni tana neman a nuna mata inda wani fayil yake, to aikin ya dogara da shi, sai in mayar mata da sunanta in bar ta tare da asalin bidiyon a diskin ajiya.